"A tiso ƙeyarsa kawai!" To, ba haka ake miƙa mutum ba



Duk ranar da labari ya fito cewa wani da ake nema ya tsallaka iyaka, magana guda ce ke cika fada da wayoyi: a tiso ƙeyarsa kawai. In kuma ƙasar da ya shiga ta ce a dakata, sai a ce ta ci kuɗi, ko tana ɓoye ɓarawo. Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Miƙa mutum ga wata ƙasa aikin alƙali ne kafin ya zama aikin ƴan siyasa, kuma dalilan da ke sa ƙasa ta ƙi miƙawa sun fi kare talaka bisa ga babban mutum. Ƙasarmu ta taɓa gwada gajerar hanya a kan Sa'adi Gaddafi a 2014, kuma duniya ta ga abin da ya biyo baya. Kafin mu kai can, bari mu warware abin daki-daki.

Abin da ƴan boko ke kira estiradisiyo shi ne wata ƙasa ta roƙi wata ta ba ta mutumin da ke cikin hannunta, don ta gurfanar da shi gaban kotu, ko don ya ci kason da anka riga anka yanke mishi. Roƙo ne, domin jandarman kowace ƙasa iyakar ikonsa bakin iyaka. Jandarman Nijar ba ya da ikon kama kowa a Illelar Najeriya, ko da yana hango shi daga Birnin Ƙonni.

Kar a haɗa shi da kora. Ƴan uwanmu da Aljeriya ke lodawa a mota ta zube wajen Asamaka, korarsu anka yi, ba wata kotun Nijar da ta nemi a kawo su. Kar kuma a haɗa shi da satar mutum. A watan Yulin 1984 an sace Umaru Dikko, tsohon ministan sufuri na Najeriya, a ƙofar gidansa a Landan, anka yi mishi allurar barci, anka rufe shi cikin akwati za a sa a jirgin Legas. Ma'aikatan duwan na Ingila sunka buɗe akwatin kafin jirgi ya tashi. Daga baya gwamnatin soja ta Najeriya ta nemi a ba ta shi ta hanyar takarda, Ingila ta ƙi. Gajerar hanya ta toshe doguwar.

To yaya ake yi bisa ƙa'ida? Mu ɗauki misali. Wani ɗan Tebaram yana kasuwanci a Abijan, abokin cinikinsa ya kai ƙara cewa ya gudu da kuɗin kaya, shi kuwa a lokacin yana zaune a Kwatano. Alƙalin Abijan zai fitar da takardar kamu. Daga nan a haɗa dosiye: sunan mutumin da kamanninsa, abin da ake zargin ya yi da rana da wurin, ayar dokar da ta hana, da hukuncin da ta tanada. Dosiyen ya bi ta ofishin jakadanci zuwa ma'aikatar harkokin waje ta Benin, ita kuma ta tura wa ma'aikatar shari'a. In ana tsoron ya sake gudu, ana iya roƙon a tsare shi na wucin gadi, amma na kwanaki ƙididdigaggu ne. In cikakken dosiye bai iso cikin wa'adi ba, sakinsa ake yi.

A tsarin da ƙasashenmu sunka gada daga dokar Faransa ta 10 ga Maris 1927, ana kai mutumin gaban alƙalan kotun ɗaukaka ƙara, da lauyansa, da tafinta in yana buƙata. Waɗannan alƙalai ba su zauna don su ce ya ci kuɗin ko bai ci ba, wannan aikin kotun Abijan ne. Abin da suke dubawa shi ne ko roƙon ya cika sharuɗɗa. In sun ce bai cika ba, magana ta ƙare, gwamnati ba ta da ikon miƙa shi. In sun ce ya cika, gwamnati na iya sa hannu, tana kuma iya ƙi. Ƙofar na da makulli biyu kenan, ɗaya a hannun alƙali, ɗaya a hannun gwamnati, kuma ba ta buɗuwa sai da duka biyun.

Wani zai ce, ai Intafol ta fitar da jar sanarwa a kansa. Jar sanarwa ba takardar kamu ba ce, kuma Intafol ba kotu ba ce. Ofishi ne a birnin Liyon na Faransa da ke isar da cigiya tsakanin ƴan sandan ƙasashe. Kowace ƙasa ita ke yanke abin da za ta yi da cigiyar bisa dokarta.

Sharuɗɗan da alƙalai ke fara dubawa uku ne, kuma duk mai hankali zai gane su.

Na farko, abin ya zama laifi a ƙasashen biyu. Sata laifi ce a Abijan, laifi ce a Kwatano, babu gardama. Amma ɗaura aure na biyu alhali na farko na nan laifi ne a dokar Faransa, a Nijar kuwa ba laifi ba ne. Da Faransa za ta ce a ba ta wani magidanci na Tawa kan wannan, alƙalinmu ba ya buƙatar dogon nazari kafin ya ce a'a.

Na biyu, laifin ya zama mai nauyi. Ba a tada jakadu da jirgi kan satar akuya. Yarjejeniyar miƙa masu laifi da ƙasashen Sedeyawo sunka sa wa hannu a Abuja ranar 6 ga Agusta 1994 ta sa ma'auni: sai laifin da hukuncinsa ya kai shekara 2 a kaso. Nijar ta fita daga Sedeyawo a Janairun 2025, amma irin wannan ma'auni na cikin kusan kowace yarjejeniya ta wannan fanni, wasu shekara 1, wasu 2.

Na uku, abin da anka nema a kai shi kaɗai za a yi wa shari'a. In an karɓi ɗan kasuwarmu kan kuɗin kaya, ba a sauke shi a filin jirgi a ce af, ashe ka taɓa zagin shugaban ƙasa. In ƙasar da ta karɓe shi na son ƙara wata tuhuma, sai ta koma ta nemi izinin wadda ta ba da shi. Ba don wannan sharaɗi ba, da kowace gwamnati ta laƙa wa abokin hamayyarta satar kuɗi, in ya shigo hannu ta fito da ainihin abin da ke ranta.

Ko an cika waɗannan ukun, akwai dalilan da ke sa ƙasa ta ce ba ta bayarwa. Wasu masu sauƙin ganewa ne: an riga an yi wa mutum shari'a kan wannan laifin an gama, ko wa'adin tuhuma ya wuce, ko an yi afuwa, ko kuma kotun ƙasar da yake ciki na tsakiyar shari'arsa kan maganar. Waɗanda ke tada jijiyar wuya su ne sauran ukun.

Akwai ɗan ƙasa. Ƙasashe da dama, musamman masu bin tsarin shari'ar Faransa, ba su miƙa ɗansu ga wata ƙasa. Wannan bai wanke shi ba, ƙa'ida ita ce a aiko da dosiyen a yi mishi shari'a a gida.

Akwai siyasa. Ba a miƙa mutum kan laifin siyasa, kuma ba a miƙa shi in akwai dalili mai ƙarfi na ganin cewa tuhumar riga ce kawai, ainihin abin da ake bin shi da shi ra'ayinsa ne, ko ƙabilarsa, ko addininsa. Ta'addanci da kisan kiyashi ba su samun wannan inuwa, yarjejeniyoyin duniya sun cire su.

Sai babbansu, abin da ke jiran mutum a can: azabtarwa, hukuncin kisa, ko kotun da anka kafa musamman don a gama da shi. Kan hukuncin kisa ana iya daidaitawa, ƙasar da ke nema ta rubuta alƙawarin cewa ba za ta zartar ba. Kan azabtarwa kuwa babu ciniki. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 mai hana azabtarwa, wadda Nijar ta shiga a 1998, ta faɗa a aya ta 3 cewa ba a kora, ba a mayarwa, ba a miƙa mutum inda akwai dalilai masu ƙarfi na cewa za a azabtar da shi. Ayar ba ta cire kowa ba, ko mai kisan kai, ko ɗan shugaban da ya zalunci jama'a.

Yanzu mu ɗora Sa'adi Gaddafi bisa wannan sikeli.

Ranar 11 ga Satumba 2011, bayan Tiripoli ta kuɓuce wa mahaifinsa, Sa'adi ya shigo Nijar ta hamada cikin ayarin motoci, anka bi da shi ta Agadas zuwa Yamai. A ƙarshen watan Intafol ta fitar da jar sanarwa a kansa bisa roƙon sabbin mahukuntan Libiya, kan zargin ƙwace dukiya da ƙarfi da tsoratar da mutane da makami lokacin da yake riƙe da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar. Kotun duniya ta Heg ba ta nemansa, ɗan uwansa Saiful Islam take nema. A Nuwamban 2011 shugaba Mahamadu Isufu ya sanar, yana ziyara a Afirka ta Kudu, cewa Nijar ta ba shi mafaka don jin ƙai.

A Fabrairun 2012 Sa'adi ya yi hira ta waya da tashar Al'arabiyya, yana cewa bore na nan tafe a Libiya. Tiripoli ta fusata, ta sake neman a ba ta shi. Amsar da ministan shari'a kuma kakakin gwamnati Maru Amadu ya bayar a lokacin ta dace da doka sarai: Nijar ba za ta miƙa mutum inda zai iya fuskantar kisa ba tare da shari'ar kirki ba, sai in an samu kotu mai zaman kanta. Anka ƙara matse Sa'adi a gidan da yake, anka bar shi a Yamai.

Shekara biyu bayan nan, ranar 6 ga Maris 2014, sai gwamnatin Libiya ta sanar cewa Sa'adi na hannunta, ga hotunansa cikin shuɗin kayan kaso ana aske mishi kai. Gwamnatinmu ta ce baƙon ya karya sharaɗin zama shiru, kuma Libiya ta kawo shaidar cewa yana da hannu a rikicin kudancin ƙasar. Babu zaman kotu a bainar jama'a a Yamai, babu hukuncin alƙali da anka karanta wa ƴan ƙasa. Sai da ya sauka Tiripoli jama'a sunka ji.

Tambayarmu ita ce, mi ya canza a Libiya tsakanin 2012 da 2014? In dalilin ƙin farko rashin kotu mai zaman kanta ne, yaushe kotun ta samu? A Oktoban 2013, wata biyar kacal kafin miƙawar, ƴan bindiga sun shiga otal a tsakiyar Tiripoli sun ɗauke firaminista Ali Zaidan da kansa, sun riƙe shi sa'o'i. Gwamnatin wannan mutum ce ta yi alƙawarin za ta kula da fursunan bisa ƙa'idojin duniya. Kwana 5 bayan isar Sa'adi, ranar 11 ga Maris, majalisa ta tsige Ali Zaidan, ya bar ƙasar. Wanda bai iya tsare kansa ba, ta yaya zai tsare wani? Alƙawarin gwamnati nauyinsa daidai yake da ikonta a kan mai riƙe da makullin kaso, kuma a Tiripoli ta wancan lokaci makullai na hannun ƙungiyoyin mayaƙa.

An kai shi gidan kason Hadba. A Agustan 2015 wani bidiyo ya fito: ga Sa'adi an rufe mishi ido, ana marinsa, an ɗaure ƙafafunsa ana dukan tafinsu da sanda. Ainihin abin da aya ta 3 ta ce a guda kenan. Babbar tuhumar da anka gurfanar da shi a kai ita ce kisan wani kocin ƙwallo, Bashir Rayani, a 2005. A Afrilun 2018 kotun Tiripoli ta wanke shi daga wannan kisa. Duk da haka bai fita ba sai Satumban 2021, inda ya wuce Turkiyya. Shekara bakwai da rabi a tsare.

Mun san abin da wasu za su ce: to sai mi? Ɗan Gaddafi ne, ya ci duniyarsa da tsinke, mutum nawa anka daka a kason ubansa? Ba mu zo wanke shi ba, kuma iyalan da gidan Gaddafi ya zalunta suna da haƙƙin ganin shari'a. Amma ku duba, su ma ba su samu ba. Dukan tafin ƙafa bai fito da gaskiyar mutuwar kowa ba, iyalan Rayani sun wayi gari an wanke wanda ake zargi, maganarsu na nan a buɗe.

Wasu kuma za su ce tsaron ƙasa ne: iyakarmu ta arewa doguwa ce, ba mu iya rigima da Libiya saboda baƙo mai surutu. Wannan hujja tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Dokar ƴan gudun hijira ta 1951 ma ta yarda cewa wanda ya zama haɗari ga tsaron ƙasar da ta sauke shi na iya rasa kariyarta. To amma a janye wa mutum mafaka abu guda ne, a danƙa shi inda za a azabtar da shi wani abu ne daban, kuma wannan na biyun babu dokar da ta halatta shi. Akwai hanyoyi a tsakani. Ana iya nema mishi ƙasa ta uku. In yana kitsa yaƙi daga Yamai, wannan laifi ne a dokar Nijar, ana iya gurfanar da shi nan. In kuma gwamnati ta tabbata Libiya ta gyaru, sai ta kai hujjarta gaban alƙali, lauyan mutumin ya amsa, a yanke a rubuce. Mai gaskiya a hannu ba ya gudun zaure.

Gaskiya ne manya na fakewa da waɗannan ƙa'idoji. Bules Kompawore ya fice daga Wagadugu a Oktoban 2014, ya samu takardar zama ɗan Kodibuwar, kuma da kotun soja ta yanke mishi ɗaurin rai da rai a Afrilun 2022 kan kisan Toma Sankara, ba ya cikin zauren. Abin na da ciwo. Sai dai maganinsa na cikin dokar kanta: in ba ka miƙawa, ka hukunta. Hisen Habre ya zauna Dakar tun 1990, Beljiyam ta yi ta nemansa, Senegal na ja. A Yulin 2012 kotun ƙasa da ƙasa ta ce wa Senegal ta zaɓa, ko ta gurfanar da shi ko ta ba da shi. An yi shari'ar a Dakar, waɗanda anka azabtar a Chadi sunka tsaya gabansa sunka ba da shaida, ranar 30 ga Mayu 2016 anka yanke mishi ɗaurin rai da rai. An daɗe ƙwarai, amma hukuncin ya tsaya da ƙafarsa, babu mai cewa a ɗakin duka anka samo shi. Saboda haka in ƙasa ta ƙi miƙa mutum, kar a tsaya ga zaginta, a tambaye ta ranar da za ta buɗe nata zaman kotun.

Mi ya kawo wannan magana Tebaram? Saboda da wuya a samu gida a Adar da ba ya da ɗa a ƙasar wani. Ɗan shugaban ƙasa na da lauyoyi a Turai, in an taɓa shi gidajen rediyon duniya su ɗauka. Mai gadi a Sabha, mai tura baro a Abijan, mai sayar da shayi a Legas, ba ya da kowa sai ƙa'ida. In maigidansa mai dogon hannu ya laƙa mishi sata bayan ya gudo, abin da zai tsaya tsakaninsa da motar ƴan sanda shi ne alƙalin da zai ce a kawo dosiye a gani. In munka saba da tafa wa miƙa mutum cikin dare don ba mu son fuskarsa, ranar da abin ya zo kan namu ba mu da bakin magana. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka, in kun ji an kama wani ana maganar miƙa shi, ko a nan ko a waje, ga abin da ya kamata ku tambaya kafin ku tafa ko ku zagi. Wace kotu ce ta nema, kan wane laifi? Wane alƙali ne ya duba roƙon a ƙasar da anka kama shi, kuma an ba shi lauya? Wa ke riƙe da kason da za a kai shi, gwamnati ko masu bindiga? In ɗan uwanku ne, abu na farko kar ya sa hannu kan takardar da ke cewa ya yarda a tafi da shi sai ya ga lauya, domin wannan sa hannu kan ɗauke zaman kotun gaba ɗaya. Na biyu, ya nemi a sanar da ofishin jakadancin Nijar, haƙƙinsa ne a dokar duniya.

Ga mahukuntanmu kuwa, na yau da na gobe, roƙonmu guda ne. Duk wanda za a ba wata ƙasa daga Nijar, babba ko ƙarami, a bi da shi ta gaban alƙali, a rubuta dalili, a bar jama'a su ji. Allah ya tsare mana matafiyanmu, ya maido su gida lafiya.